Ranar kwanciya daban, ranar shigar ciki daban



Akwai wata magana da ke yawo a tsakaninmu, a wajen biki, a bakin rijiya, har da ranar zubi in an gama ƙirga kuɗi an rufe akwati. Ana cewa mace rana ɗaya take ɗaukar ciki a wata, wai rana ta 14 daga zuwan jini. In kin kauce wa wannan rana kin tsira, in kuma haihuwa kike nema, sai ki tsare ta. Na yi shekaru ina aikin ungozoma a likitar ƙauye, kuma na ga mata da yawa da wannan lissafi ya kai su ya baro. Akwai ɗan gaskiya a cikin maganar, shi ya sa take da wuyar tumɓukewa. Amma an bar babban abu a baya: maniyyin namiji yana iya zama da rai a jikin mace har kwana 5 yana jiran ƙwai. Saboda haka kwanciyar da aka yi ran Talata tana iya zama ciki ran Asabar, ko da maigida ya riga ya yi tafiya.

Duk wadda ta tashi a gidan noma ta san shukar binne. In damana ta kusa, wasu manoma ba su jiran ruwa, sai su zuba irin hatsi a busasshiyar ƙasa su rufe. Iri yana nan kwance, ba abin da ya faru. Ran da ruwa ya sauka, ko mai gonar yana kasuwa ko yana wani gari, hatsi ya tsiro. Ba wanda zai ce gonar ba tashi ba ce don ba ya nan ran da aka yi ruwan. To haka abin yake a jikinmu, sai dai irin hatsi yana jure makonni a ƙasa, shi kuwa maniyyi iyakarsa kamar kwana 5.

Bari in faɗi yadda abin yake tafiya a ciki. Mace tana da ma'ajiyar ƙwai guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace kusa da bakin wani siririn bututu da ke sadawa da mahaifa. Sau ɗaya a kowane zagayen wata, ƙwai ɗaya yakan nuna ya fito ya faɗa cikin bututun nan. Ƙwan ba ya daɗewa. Daga awa 12 zuwa awa 24 ne ransa, in bai haɗu da maniyyi ba sai ya lalace, kuma shi ke nan sai wani wata. Da a ce maniyyi ma haka yake da gajeren rai, da maganar rana ɗaya ta zama gaskiya.

Abin da ke tsawaita ran maniyyi shi ne wani ruwa da bakin mahaifa ke fitarwa. A yawancin kwanakin wata, bakin mahaifa a toshe yake da wani abu mai kauri, gaban mace kuma yana da tsami da ke kashe maniyyi cikin ƴan awoyi. Amma in ƙwai ya fara nuna, kwanaki kafin ya fito, jiki yakan canza wannan ruwa. Ya zama garau, mai santsi, mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai ko yauƙin kuɓewa. Wannan ruwan yana kare maniyyi daga tsami, yana buɗe mishi hanya, kuma akwai ƴan lunguna a cikin bakin mahaifa inda yake maƙalewa yana tasowa kaɗan kaɗan zuwa bututu. Ran da ƙwai ya fito, sai ya tarar ana jiran shi a bakin hanya.

In kin haɗa kwana 5 na jiran maniyyi da rana ɗaya ta ƙwai, kin sami kwana 6. Waɗannan su ne kwanakin ɗaukar ciki: biyar kafin fitar ƙwai, da ranar fitar kanta. A shekarar 1995 wani likita mai suna Allen Wilcox da abokan aikinsa a Amurka sun fitar da binciken da suka yi a kan mata 221 masu neman haihuwa. Kowace safiya ana ɗibar fitsarinsu don a gane ranar da ƙwai ya fito, su kuma suna rubuta ranakun da suka kwanta da mazansu. Duk cikin da aka samu, daga kwanciyar waɗannan kwana 6 ya fito. Wadda ta kwanta kwana 5 kafin ƙwai, damarta kamar ɗaya cikin goma ce. A kwana biyu na ƙarshe da ranar fitar ƙwai, damar ta kai wajen ɗaya cikin uku. Kwana ɗaya bayan nan kuwa, ƙofa ta rufe.

Ki lura da inda nauyin yake. Kusan duk kwanakin suna gaba da fitar ƙwai ne. Wadda ke jira ta ji alamar ƙwai ya fito sannan ta ƙaurace wa maigida, ta makara da kwana biyar. Wadda kuma ke neman ciki ta jira sai ta tabbata ya fito sannan ta neme shi, ita ma ta zo an watse kasuwa.

Akwai wata ƴar ƙungiyarmu da abin ya faru da ita, ta kuma yarda in ba da labarin in ban kama suna ba. Mijinta direban babbar mota ne, yakan yi mako biyu ko uku bai kwana gida ba. Tana da goyo ɗan wata 14, jininta ya dawo tun yaron yana wata tara, kuma tana so ta huta har ta yaye shi. Zagayenta kwana 28 ne, ba ya cika saɓawa. Wata maƙwabciya ta koya mata cewa ta kiyaye rana ta 13, ta 14 da ta 15, sauran duk nata ne.

A watan da nake magana, jini ya zo mata ran Lahadi. Wannan ita ce rana ta 1, domin daga ranar da jini ya fara ake ƙirgawa, ba daga ranar wankan tsarki ba. Ta yi kwana shida ta yi wanka. Maigida ya iso ran Litinin ta mako na biyu, wato rana ta 9. Ya kwana Litinin, ya kwana Talata, rana ta 10 ke nan, ran Laraba da asuba ya ɗauki hanya. Ita a lissafinta saura kwana uku kafin a shiga hatsari, hankalinta kwance. Ƙwai kuwa, in ya bi yadda ya saba, ran Asabar ya fito, rana ta 14. Daga daren Talata zuwa Asabar kwana huɗu ne. Kwanakinta shida sun fara ne daga rana ta 9, daidai ran da ya shigo gida. Duk dararen biyu a cikin kwanakin ɗaukar ciki suka faɗa.

Da wata ya zagayo jini bai zo ba, ta zo wajena da dare, mayafi a ka, murya ƙasa ƙasa.

“Inna, wallahi na yi lissafi. Ranar da aka ce mini, ba shi ma gari.”

Na ce mata, “Ɗiyata, kwanaki kaɗan kafin ya zo, ko ran da ya zo, kin ga wani ruwa mai santsi in kin je kewayawa?”

Ta yi shiru, sannan ta ce, “Na gani. Na ɗauka sanyi ne, har na jiƙa magani na sha.”

Wannan ruwan da ta ɗauka ciwo ne, shi ne jikinta ke gaya mata ƙofa ta buɗe.

Kunika da goyon wata 14 ba ƙaramin nauyi ba ne, amma abin da ya fi tayar mata da hankali daga baya ya zo. Da ciki ya kai wata uku aka aike ta hoton ciki a birni. A takardar hoton an rubuta ranar da ake ƙiyasin cikin ya fara. Ƙanen mijinta ɗan lakwal ne, ya karanta takardar a tsakar gida, ya faɗi ranar da ƙarfi. Uwar miji ta ƙirga da yatsu, ta ga ranar ta faɗo kwana uku bayan tafiyar ɗanta. Ba ta ce uffan ba, amma daga ran nan ta daina cin tuwon yarinyar. Kun san yadda irin wannan shiru yake a gidan aure, ya fi zagi ciwo.

Ni na je gidan da kaina. Bayan mun gaisa na ce, “Hajiya, shekarun baya da Malam yake binne a gonarku ta bayan gari ya tafi cin kasuwa, in ruwa ya sauka ba shi nan, hatsin na wa ne?” Ta ce, “Nashi mana.” Na ce to haka Allah ya tsara jikin mace. Na yi mata bayanin kwana biyar ɗin nan, na kuma gaya mata abu na biyu: ranar da ke cikin takardar hoto ƙiyasi ce da ake yi daga tsawon ɗan tayi, kuma ko a watanni ukun farko, lokacin da awon ya fi daidai, tana iya kaucewa da kwana biyar zuwa bakwai gaba ko baya. Takardar ba ta faɗin daren da aka kwanta, kuma ba na'urar da ke iya faɗin shi. Tsohuwa ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce a kira mata yarinyar ta kawo ruwa. Ban ce zuciyarta ta wanke a ranar ba, amma maganar ba ta kai kunnen ɗanta a matsayin zargi ba, auren kuma yana nan.

Garuruwanmu cike suke da matan direbobi, matan fatake, matan ƴan cirani da ke zuwa su yi kwana biyu su koma. Saboda su ne nake so kowace shugabar ƙungiya ta riƙe wannan lissafi a kanta. Wata rana za ki tarar da yarinya tana kuka a kan ƙirgen da bai kai ya kawo ba.

Sai kuma ita rana ta 14 ɗin kanta. Ba kowace mace ce ƙwanta ke fita a ranar ba. Abin da ya fi tsayawa wuri ɗaya shi ne tazarar da ke tsakanin fitar ƙwai da jinin da ke biye, kamar mako biyu. Kwanakin da ke gaba da fitar ƙwai su ne ke miƙewa su taƙaita. Saboda haka daga baya ake lissafi. In zagayenki, wato daga farkon jini zuwa farkon wani jinin, kwana 32 ne, ki cire 14, ƙwai yana fita wajen rana ta 18, kwanakinki shida kuma daga ta 13 ne zuwa ta 18. Irin wannan macen in ta kiyaye 13 zuwa 15 ta saki jiki a ta 16, ta faɗa tsakiyar kwanakin da suka fi ƙarfi.

Mai gajeren zagaye ta fi ban tausayi. Wadda nata kwana 24 ne, ƙwai yana fita wajen rana ta 10, ƙofa kuma ta buɗe tun rana ta 5. In jininta yana kai kwana bakwai, to ran da ta yi wankan tsarki ta koma shimfiɗar miji tana cikin kwanakin ɗaukar ciki tsundum. Mata da yawa sun ɗauka makon farko bayan wanka lafiya lau ne. Ga wasu haka ne, ga mai gajeren zagaye kuwa shi ne makon da ya fi kamawa. Kuma ko mace ɗaya, watanninta ba duka suke zuwa iri ɗaya ba. Zazzaɓi, tafiya mai nisa, rasuwa a gida ko tashin hankali suna iya jinkirta ƙwai da kwanaki. Shi Wilcox ɗin ya sake dubawa a shekarar 2000, ya tarar mata uku ne kawai cikin goma kwanakinsu shida ke faɗawa gaba ɗaya tsakanin rana ta 10 da ta 17, inda littattafai suka saba sa su.

To yaya mace za ta gane nata? Alamar da ta fi amfani ita ce ruwan nan, domin yana zuwa ne kafin ƙwai. Ki duba da rana da kuma dare kafin ki kwanta, in kin je kewayawa. Bayan jini, wasu sukan yi ƴan kwanaki a bushe. Daga nan a fara jin danshi, ruwan ya fara da ɗan kauri fari, sannan ya koma garau mai jawuwa tsakanin yatsu biyu. Bayan ƙwai ya fita sai ya yi kauri ko ya ɗauke. Akwai tambaya biyu da ake koya wa mata masu bin wannan hanya: na ga ruwa yau? Na ga ruwa jiya? In amsar ɗaya daga ciki i ce, ko wane iri ne ruwan, yau ranar ɗaukar ciki ce. Sai in jiya da yau duka a bushe kike sannan za ki ce hatsari ya yi ƙasa. Ruwan lafiya ba ya wari, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi. In kin ga yana da wari, ko ya yi rawaya ko kore, ko ya yi gudaji kamar kindirmo da ƙaiƙayi, wannan ciwo ne, ki je likita, kuma ba a dogara da alamar sai an warke. Matse-matsen da muke yi da tura magani a gaba su ma suna ɓata alamar.

Wasu alamun suna zuwa a makare. Ɗan ciwon mara gefe ɗaya da wasu ke ji, a daidai lokacin fitar ƙwai yake zuwa, kwana biyar sun riga sun wuce. Ɗumin jiki da ke ƙaruwa kaɗan in an auna da asuba, bayan ƙwai ya fita yake hawa. Suna gaya miki abin da ya riga ya faru ne.

Wadda ba ta son dube-dube, akwai carbin ƙirga kwanaki da ake ba mata a wasu likitoci. A jami'ar Georgetown ta Amurka aka tsara shi. Duwatsu 32 ne da ɗan zoben roba da ake matsarwa kowace safiya. Ja shi ne ranar farko ta jini. Farare guda 12 su ne rana ta 8 zuwa ta 19, kwanakin da ake ƙaurace wa kwanciya ko a yi amfani da kwaroron roba. Za ki ce, kwana shida aka ce, don mi aka kama sha biyu? Don ba a san ranar da ƙwai zai fito ba sai ya fito, shi ya sa aka faɗaɗa shinge. Da ƴar ƙungiyarmu tana da carbin nan, da ta ga Litinin da Talatar nan a kan farin dutse suke. Amma yana da sharaɗi. Na wadda zagayenta ke tsakanin kwana 26 da 32 ne kawai, kuma sai maigida ya yarda, don kwana 12 ba ke kaɗai za ki riƙe su ba. A binciken da aka yi, cikin mata 100 da suka bi shi sau da ƙafa, wajen 5 sun yi ciki a shekara. Yadda mutane suka saba bi, da mantuwa da “yau kaɗai”, wajen 12 ne. Matar da mijinta ke zuwa ba sanarwa ya yi kwana biyu ya koma, gaskiya lissafi ba zai riƙe ta ba, gara ta zauna da ungozoma su zaɓi wata hanya, ƙwaya ko allura ko na sawa a hannu.

Masu goyo, ku saurara nan da kyau. Ƙwai shi ke fara fita, jini ya biyo bayan mako biyu. Saboda haka mace tana iya ɗaukar ciki ba ta ga jini ko sau ɗaya ba tun haihuwa. Shayarwa tana kare ki ne in abu uku sun haɗu: yaro bai cika wata 6 ba, nono kaɗai yake sha dare da rana, jini kuma bai dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi. A watannin farko bayan dawowar jini kuma zagaye ba ya zama daidai, ba a ɗora lissafi a kai. Haka ma wadda ta bar allura kwanan nan, da wadda ta doshi shekarun ɗaukewar jini.

Akwai kuma ƙwayar gaggawa da ake sha bayan an riga an kwanta. Aikinta ya rataya ne a kan wannan jira da maniyyi ke yi: tana jinkirta fitar ƙwai har maniyyin da ke jira ya mutu. Shi ya sa ake son a sha da wuri, cikin kwana uku, in an yi jinkiri kada a wuce biyar. In ƙwai ya riga ya fita ba ta da abin yi, kuma ba ta zubar da cikin da ya shiga.

Ku kuma ƴan uwana masu neman haihuwa, wannan lissafi albishir ne gare ku. Ba sai kin kama rana ɗaya tak ba. Da zarar ruwa mai santsi ya fara, in ana kwanciya yau a tsallake gobe har ya ɗauke, an cika abin da ake bukata. Mai kishiya ɗaya da ake rabon kwana bibbiyu, duk yadda aka juya, aƙalla dare biyu nata za su faɗo cikin kwana shidan nan, ba sai ta tayar da rigimar musayar girki ba. In gidan mata huɗu ne, dare biyu cikin takwas, nan kam wani watan girkinta kan faɗo a gefe, to sanin alamarta zai taimake ta. Ko an dace da kwanakin ma, ba kowane wata ciki ke kamawa ba, kun ji dai mafi ƙarfin rana ɗaya cikin uku ce. In an shekara ana tare ba labari, ko wata 6 ga wadda ta haura shekara 35, a je likita, ita da shi duka, domin matsalar tana iya kasancewa daga kowane ɓangare.

Ga abin da nake roƙon kowace ta fara daga wannan wata. Ki sami ɗan littafi ko kalanda, ki sa alama ran da jini ya fara. Wadda ba ta rubutu ta sa ɗiyarta ko wata aminiya ta riƙa rubuta mata, ko ta riƙa jefa tsakuwa ɗaya a gwangwani kowace safiya, ran da jini ya sake zuwa ta ƙirga ta zubar ta sake farawa. Bayan wata shida za ki san mafi gajarta da mafi tsawon zagayenki. Da wannan a hannu, in kin zauna gaban ungozoma, za ta iya gaya miki ko carbi ya dace da ke ko bai dace ba.

Allah ya ba masu nema, ya hutar da masu goyo, ya kiyaye muna aurenmu daga zargi. Sai mun haɗu ranar zubi.